Ɗan maigida ya mayar da ni mai ƙirga siminti

Ni ne mai riƙe da sito a wani shagon kayan gini, tun Alhaji yana da ƙofa ɗaya har ya kai uku. Ban taɓa ɗaukar ko ƙusa ba, Allah ne shaidata. Bana ɗansa ya dawo daga jami'a, yaron da na sha goyawa a babur zuwa makarantar allo, ya karɓi littattafaina ya shige ofis, ya fito da takarda wai ya kasa kayan shago gida uku, A da B da C. Injinan jan ruwa da nake kullewa a kabad, makulli a aljihuna, ya sa su a C tare da ƙusa da kwaɗo. Malam, injin naira dubu ɗari biyu a layi ɗaya da ƙusa! Ya ce in bar ƙirgar da nake wa dukan kaya duk Asabar, in koma ƙirga siminti da rodi kullum da yamma. A gaban yara ya faɗa. Siminti kuwa tun asali yaran lodi ne ke ƙirgawa su gaya mini in rubuta. Yanzu ni ke tsayawa cikin ƙura da biro. Alhaji bai ce uffan ba, kuma shirunsa ya fi maganar yaron yi mini ciwo. Shin zargina suke yi, ko so suke in gaji in tafi? In ajiye musu makullinsu, ko in kai ƙara wajen yayan Alhaji?

Mai riƙe da sito, daga Gusau.

To, ɗan'uwa. Faɗa a gaban yara bai dace ba, ya kamata ya ja ka gefe tunda ka haife shi. Amma ka cika takarda da babur da makarantar allo, ba ka gaya mini buhu nawa kuke sayarwa a shekara ba, ko inji nawa ke fita. Amsarka kuwa tana cikin waɗannan lambobi.

Kana auna kaya da farashin guda ɗaya, yaron yana auna su da kuɗin da suke ci a shekara. Ana ɗaukar kowane kaya, a ninka yawan da ya fita cikin wata goma sha biyu da farashin sarinsa, a jera daga babba zuwa ƙarami, a riƙa tarawa. Ba shi ya ƙirƙiro ba. Wani ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka, H. Ford Dickie, ya bayyana tsarin a 1951, bisa abin da Vilfredo Pareto ya lura da shi tun da daɗewa a Italiya, cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane kaɗan. Kayan sito ma haka suke.

Tunda ka hana ni lambobinka, bari in ƙaddara nawa. A ce kayanku iri goma ne, kuma sarin shekara naira miliyan 100. Siminti buhu 5,000 a kan naira 9,000, miliyan 45 ke nan. Rodi guda 3,000 a kan 10,000, miliyan 30. Iri biyu kacal sun cinye kashi 75 cikin ɗari, su ne A. Kwano na miliyan 9, fenti na 6, katako na 5, sun haɗa kashi 20, su ne B. Sauran biyar ɗin suna raba miliyan 5, kuma a cikinsu injinka yake: guda goma a shekara, kowanne 200,000, miliyan 2. Ba raina shi aka yi ba, ba ya fita ne.

Yanzu dubi abin da ke faruwa idan buhu biyu cikin kowane ɗari suka salwanta. Wani ya fashe wajen saukewa, wani ya sha danshi ya daskare, wani an rubuta ya shigo alhali bai sauka daga mota ba. A shekara buhu 100 ne, naira 900,000, kuɗin injinka huɗu da rabi. Da inji ɗaya ya ɓata, da unguwa ta ji. Buhu biyu kuwa ba wanda zai ga gurbinsu a cikin tsibi.

Nan ne na tsaya a wasiƙarka, a jimlar da ka wuce da sauri: yaran lodi ke ƙirgawa su gaya maka ka rubuta. Wato shekara da shekaru kana sa hannu a kan kusan rabin jarin Alhaji da bakin wasu, kai kuma kana can ciki kana ƙirga kwaɗo. Ban ce yaran sun ci komai ba. Amma ranar da lissafi ya ƙi cika, rubutunka za a buɗe. Tambayar da ta kamace ka ita ce, in aka ƙirga simintin nan gobe da safe, zai yi daidai da littafinka? Wanda ake zargi kuma ba a ɗora shi a kan kayan da suka fi kowane cin kuɗi.

Tsaron A ya wuce ƙirgar yamma. Ka tsaya da kanka a bakin mota lokacin saukewa, ka ƙirga kafin ka sa hannu a takardar direba. Ka jera buhuna layi layi da adadi ɗaya, goma goma, a kan katako, nesa da bango, yadda kallo ɗaya zai ba ka jimla, kuma wanda ya riga shigowa ya riga fita. Rodi ka auna kaurinsa, don ana kawo wanda bai cika ba a kira shi milimita 12. Kada a jibge na wata uku, musamman da damina, a riƙa saro kaɗan kaɗan a kai a kai. B ya isa a ƙirga sau ɗaya a wata, C sau ɗaya a wata uku.

Akwai inda zan ba ka gaskiya, kuma da wannan za ka tunkari yaron. Takardarsa kuɗi kawai take gani. Ba ta san abin da ɓarawo zai saɓa a kafaɗa ya kai kasuwa ba, don haka injin ya zauna a kabad ɗinsa, kullewa ba ta cin lokacin kowa. Ba ta kuma san wayar ɗaurin rodi ba. C ce, amma magini da ya zo sayen rodi ya tarar babu waya, shagon gaba zai kai dukan cinikin. Irin wannan kaya a saro da yawa a ajiye, tunda ba ya riƙe jari, ka ja layi a jikin kanta, in ya sauka ƙasa da layin ka sanar.

Ka kuma tambaye shi da wane lissafi ya yi aiki. In abin da ya tarar a sito ranar ya ninka da farashi, ya yi kuskure, don kayan da suka kwanta za su hau sama, masu gudu su faɗo. In na wata uku na rani ya ɗauka, lokacin da gini ke ci, shi ma bai cika ba. Na shekara ake so, da farashin sari, a kuma sake shi bayan wata shida, don farashi ba ya zama wuri ɗaya. Littattafan da za a yi wannan da su rubutun hannunka ne, kai ka san wane shafi ne aka rubuta kwano da bandir, wane kuma da falle. Ka ce masa zama na gaba tare za ku yi, a ofis, ƙofa a rufe.