Takardar Shaidar Malami: Abin da Masu Ba da Sikolashif Ke Nema a Cikinta

Duk wanda ya taɓa leƙa fom ɗin neman tallafin karatu a ƙasar waje ya ci karo da wurin da ake cewa ya kawo takarda daga malamin da ya koyar da shi. Yawancinmu muna ɗaukar ta takardar yabo, shi ya sa muke nufar malamin da ya fi kowa muƙami, mu roƙi ya faɗi alheri a kanmu. Su kuwa masu tantancewa shaida suke nema, irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali: wane ne kai, ta yaya ka san shi, me ka gani da idonka? Mai shaidar da ya ce "yaron kirki ne" ya yi shiru bai taimaki kowa ba, domin duk takardun da ke kan teburin haka suka ce.

Mu ɗauki misali mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Mu ƙaddara wata ɗaliba ce 'yar Mawashi, cikin ƙaramar hukumar Kusada. Ta gama HND a fannin fasahar noma, ta yi bautar ƙasa, ta shekara biyu tana aikin malamar gona da ƙungiyoyin mata a yankin Kankiya da Kusada. Yanzu tana son digiri na biyu kan adana amfanin gona. Ba wata ɗaliba takamaimai nake nufi ba, kuma lambobin da za a gani a labarinta na misali ne.

Abu na farko shi ne ta karanta ƙa'idar shirin da take nema, don ba su zama ɗaya ba. Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana son takardu biyu da Turanci, kuma sai an zaɓe ka zuwa ganawa ake neman ka ɗora su. Na Commonwealth yana son aƙalla biyu tun lokacin cike fom, da sa hannu, a kan takarda mai tambarin makaranta ko cikin imel da ke nuna ko wane ne ya aiko. Shirin EPOS na hukumar DAAD ta Jamus yana neman wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, saboda haka takardar wurin aiki tana da nauyi a can, kuma suna son tambari da hatimi da sa hannu. Ƙa'idojin nan sukan sauya, sai a duba na shekarar da ake ciki.

Sai zaɓen malami. Ga shugaban sashe wanda ya koyar da su kos ɗaya a aji mai cunkoso, ga kuma ƙaramin lakcara wanda ya duba furojet ɗinta shekara guda, ya sha mayar mata da babi na uku cike da jan biro. Na biyun za ta nema. Muƙami ba ya cike gurbin sani, kuma mai karatu a Bon ko Landan bai san girman kowa a nan ba, abin da ke cikin takardar kawai yake gani. In shirin ya ce lallai sai shugaban sashe, to wannan daban.

Matsalar ita ce shekara uku sun wuce, ɗalibai ɗaruruwa sun bi ta hannun malam. Yana iya tuna fuska, amma ba zai tuna take ko sakamakon furojet ba. Malamin da aka tare a bakin ofis ana cewa "gobe ake rufewa" ba shi da abin rubutawa sai kalmomin da yake rubuta wa kowa. Don haka aikin tunatarwa na ɗaliba ne, kuma ta fara shi mako shida kafin ranar rufewa, in ya yi ƙaranci huɗu. Saƙonta zai iya zama haka:

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ɗalibarka ce wance daga Mawashi, wadda ka duba wa furojet a kan adana wake a shekara kaza. Ina neman tallafin digiri na biyu a Jamus, za a rufe ranar kaza. Ko Malam yana ganin ya san aikina sosai da zai iya rubuta mini takardar shaida mai ƙarfi?"

A lura da tambayar ƙarshe. Ta bar wa malam ƙofar cewa a'a cikin mutunci, kuma a'a ɗin ta fi takarda mai sanyi. Idan ya amince sai ta haɗa masa kaya wuri guda: takardar sakamako, shafin taƙaitawar furojet, takardar tarihin karatu da aiki, bayanin kos ɗin da take nema, abin da ta rubuta na dalilin nemanta, da shafi ɗaya na tuni mai ɗauke da kwasa-kwasan da ya koyar da ita, shekarunsu, makin da ta ci, da abu biyu ko uku da suka faru yana wurin.

Ga irin takardar da akan samu in ba a yi haka ba. Da Turanci ake rubuta ta, na mayar da ita Hausa ne: "Ga duk wanda abin ya shafa. Wance tsohuwar ɗalibarmu ce. Tana da ladabi da biyayya da ƙwazo, ba a taɓa samun ta da laifi ba. Ina roƙon a ba ta duk taimakon da ya dace." Cire sunanta ka sa na kowa a ajin, babu kalmar da za ta canza. Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi. Sannan ladabi da biyayya abin yabo ne a wurinmu, amma mai neman ɗalibin bincike yana son ya ji cewa mutum na iya tambaya, har ya yi wa malaminsa gardama da hujja.

Takarda mai amfani kan fara da sunan shirin da kos ɗin, sannan alaƙa: "Na koyar da ita kwasa-kwasai biyu a HND, na kuma duba furojet ɗinta na shekarar ƙarshe." Daga nan sai matsayi, da adadi: "A kos ɗina na adana amfanin gona ita ce ta uku cikin ɗalibai 62." Wannan jimla ɗaya ta fi sifa goma, amma fa sai malam ya duba takardun makinsa. Kada ɗaliba ta ƙirƙiro masa lamba.

Sakin layi na tsakiya shi ne zuciyar takardar, kuma labari ɗaya ya isa in an ba shi haƙƙinsa. Ga yadda zai iya fitowa:

"Furojet ɗinta ya kwatanta buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, da buhun da aka saba zuba wake. Ta ajiye buhuna a gidaje shida a Mawashi tsawon wata huɗu, ta riƙa ƙirga ƙwayoyin da suka huje cikin kowace ɗari. A gida biyu waken buhun PICS ya lalace. Na ba ta shawarar ta ajiye sakamakon gidajen nan a gefe, ta ƙi. Ta koma ta tambayi matan gidan, ta gano ana kwance buhun duk mako ana ɗibar na girki, iska na shiga. Babin da ta rubuta a kan haka shi ne mafi kyau a aikin, kuma shi ne abin da take son zurfafawa a wurinku."

Duba abin da sakin layin ya yi. Bai ce tana da gaskiya ba, bai ce tana da naci ba, amma mai karatu ya ga duka biyun. Ya kuma ɗaure aikin baya da kos ɗin gaba.

Akwai wani aiki da takardar ɗan foliteknik ke yi wanda ta ɗan jami'a ba ta buƙata. Mai karatu a waje yana iya rashin sanin mece ce HND ɗinmu, musamman da yake a Birtaniya akwai takardar da ke da wannan suna wadda karatun shekara biyu ce kawai. Jimla biyu daga malam za su warware: ND shekara biyu, shekara ɗaya ta aikin sanin makama, HND shekara biyu da furojet. Haka ma maki. Namu a kan 4.00 ake auna shi, distinshin na farawa daga 3.50, mataki na biye daga 3.00 zuwa 3.49, alhali yawancin jami'o'in Najeriya a kan 5.00 suke awo. Idan ɗalibarmu na da 3.42 kuma ba a faɗi ma'aunin ba, wanda ya saba ganin takardun jami'o'inmu zai iya ɗaukar ta matsakaiciya, alhali saura ƙiris ta kai ƙoli. Sai dai a san iyakar abin: bayanin malam ba ya mayar da HND digiri. Wasu jami'o'in na karɓar ta, wasu sai da PGD a kai, wasu ba sa karɓa sam. Ta rubuta wa masu kula da kos ɗin ta tambaya tun kafin ta wahalar da malam.

To idan malam ya ce, "Ke dai rubuto ki kawo in sa hannu" fa? Ana yi, kowa ya sani. Illarsa ita ce mai tantancewa yana riƙe da rubutunki na dalilin nema a hannu ɗaya, takardar malam a ɗaya hannun. In salon jimla iri ɗaya ne, kuskuren Turanci iri ɗaya, ya gane, balle in takardun malamai biyu suka fito kamar tagwaye. Mafita ita ce ki ce, "Malam, bari in kawo maka bayanan a jere, kai ka zuba su da bakinka." Kuma abin da bai gani ba kada a sa masa. Aikinta da matan Kankiya da Kusada shugabanta na wurin aiki ne zai shaide shi, malam ya tsaya a kan aji da furojet.

Saura hanyar isarwa, inda takardu masu kyau kan mutu. Jami'o'i da yawa ba sa karɓa daga hannun ɗalibi, sai su aika wa malam mahaɗi ta imel ya ɗora da kansa, kuma sun fi yarda da adireshin makaranta mai ƙarewa da `.edu.ng` a kan na Gmail. Malamai da dama ba sa buɗe wancan akwatin, wani lokaci kuma saƙon kan faɗa cikin Spam. Ranar da ta sa adireshinsa a fom ta kira shi ta sanar, ta sake tuntuɓa saura kwana goma, ta kuma riƙa duba shafinta har ya nuna takardar ta shiga. In ita za ta ɗora, shiga mota daga Kankiya zuwa Katsina ya fi a turo mata hoton takarda a karkace ta waya. Ta karɓi ta asali, a yi sikanin ta zama PDF.

Kafin ta bar ofishin ta duba abu huɗu: kwanan wata na bana ne, akwai sa hannu da hatimi, akwai lambar waya da imel na malam don ana iya tuntuɓarsa a tabbatar, sannan sunanta ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Wadda fasfonta ke ɗauke da Aishatu Muhammad kada takardar ta ce Aisha Mohammed. In kuma shiri biyu take nema, ta karanta layin farko na kowace takarda, kada wadda za ta Jamus ta tafi tana gaida Chevening.