Kafin Ku Fitar da Sanarwar Neman Jami'in Asusu

'Ya'yana, da yawanku yanzu an miƙa muku ragamar kasuwancin gida, ko an zaunar da ku a ofishin ɗaukar ma'aikata, kuma wata rana za a ce ku rubuta sanarwar neman jami'in asusu. Abin da na saba gani a irin wannan sanarwa shi ne layi uku: ana neman akanta mai gaskiya da riƙon amana, mai ƙwazo, wanda ya iya kwamfuta. Duk wanda ya karanta zai ga da shi ake, domin babu mai kiran kansa maras amana. Sai takardu su yi ta zuwa har ku rasa ta inda za ku fara, shi kuwa wanda ya san aikin ya duba bai ga abin da za a sa shi ba, ya wuce abinsa.

Shawarata ita ce ku ajiye alƙalami tukuna, ku bi wata guda na kamfaninku daga farko zuwa ƙarshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ce kamfanin yana rarraba sabulu da lemo da man shafawa ga 'yan kasuwar Singa a Kano, yana da ma'aikata 40, da asusun banki 3, da kwastomomi kusan 120 masu ɗaukar kaya bashi. Kullum da yamma direbobi suna dawowa da rasit, wasu kwastomomin sun biya a hannu, wasu ta POS, wasu sun yi tiransifa da sunan ƙaninsu ko yaron shagonsu. Dole wani ya zauna ya gano kowane kuɗi na wane ne, ya rage shi daga bashin mai shi. Idan ba a yi haka ba, ranar da kuka je karɓar bashi wajen Alhaji zai buɗe wayarsa ya nuna muku ya biya tun makonni uku da suka wuce, ku dawo da kunya. Wannan shi ne aikin da kuke neman mai yi, kuma shi ya kamata mai karatu ya fara gani.

Saboda haka sanarwar ta faɗi abin a fili. Ta ce wanda aka ɗauka zai shigar da cinikin kowace rana kafin a tashi, zai daidaita littafin kamfani da takardar banki ta asusun nan uku a makon farko na kowane wata, zai fitar da jerin masu bashi duk Litinin yana nuna wanda ya haura kwana 30 da wanda ya haura 60. Ta ce shi zai shirya albashin mutum 40, ya cire harajin albashi a kai wa hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga wata mai bi, ya haɗa lissafin harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari kafin 21 ga wata, ya tura kuɗin fansho cikin kwanakin aiki 7 bayan an biya albashi. Wanda ya taɓa yin wannan aiki yana ganin waɗannan ranaku zai san da wa yake magana, har ya auna ko zai iya ɗauka. Wanda bai taɓa yi ba zai ja da baya da kansa, kun huta da takardarsa.

Inda kuka fi tuntuɓe shi ne wajen takardun shaida. Kuna son ku burge, sai ku rubuta cewa dole mai nema ya zama cikakken ɗan ICAN ko ANAN, da shekara goma yana aiki. Ku tsaya ku duba aikin da na lissafa a sama. Mai HND ko digiri a fannin akanta, ko wanda ya kammala ATS, idan ya yi shekara biyu ko uku yana daidaita lissafin banki da hannunsa, zai riƙe shi da kyau. Cikakken akanta mai lasisi kuɗinsa daban ne, burinsa ma daban. In ma ya karɓa don matsin rayuwa, idonsa yana waje, da zarar ya samu inda ya fi zai tafi ya bar muku littafi a buɗe. Ku raba abin da yake dole da abin da yake ƙari ne kawai. Na dole kada ya wuce uku ko huɗu. Sauran ku ce in akwai, madalla.

Haka ma maganar kwamfuta. "Ya iya kwamfuta" ba ta gaya wa kowa komai. Ku ambaci manhajar da kuke aiki da ita da sunanta, ko Sage ce, ko QuickBooks, ko Tally. In kuwa har yanzu a Excel kuke komai, ku faɗi haka ba tare da jin nauyi ba, ku ƙara da cewa ana son wanda yake amfani da SUMIF da VLOOKUP. Akwai matashin da zai yi murna da jin cewa shi zai ɗauke lissafin daga Excel ya mayar da shi manhaja, kuma irinsa kuke so.

Sai albashi. Na san al'adarmu ta ɓoye shi, a rubuta "albashi mai tsoka" ko "za a tattauna". Mutumin da aikinsa lissafi ne ba ya barin inda yake saboda alkawarin da babu adadi a ciki. Ku sa iyaka ta ƙasa da ta sama, ku kuma bayyana ko kafin cire-cire ne ko abin da zai shiga hannu. Idan kun ce naira 250,000 kuma a kan duka ake lissafa fansho, kashi 8 cikin ɗari na ma'aikaci naira 20,000 ne, ga haraji kuma a gefe, ku kuma kamfani za ku ɗora kashi 10 naku. Gara ya san haka tun yana gida da ya gani a ƙarshen watan farko ya ji kamar an yaudare shi. Ku faɗi unguwar da ofishin yake, da ko ana aiki ranar Asabar, da cewa ƙarshen wata akan kai dare, domin kuɗin mota da lokacin iyali suna cikin lissafinsa.

Akwai layi ɗaya da nake roƙon kada ku manta da shi: wa zai riƙa kai wa rahoto, kuma me ba ya cikin aikinsa. Ku rubuta cewa kashiya ce take karɓar kuɗi, manaja ne yake amincewa da biya, shi nasa shigarwa da daidaitawa. Na ga sanarwar da ta haɗa wa mutum ɗaya karɓar kuɗi da rubutawa da kai wa banki da duba kansa. Mai tsoron Allah wanda ya san aiki yana gudun irin wannan kujera, domin ya san ranar da naira ta ɓata babu wanda zai tsaya masa shaida. Wanda ba ya gudunta kuwa, ku ya kamata ku yi tunani a kansa.

A ƙarshen sanarwar ku faɗi ranar rufewa, ku kuma sanar cewa za a yi gwaji na awa ɗaya. Gwajin ba wuya: ku ba mai nema takardar banki ta wata guda da littafin kuɗi, ku bar cajin banki biyu ba a shigar ba, da cek ɗaya da ba a kai banki ba tukuna, da adadi ɗaya da aka juya, an rubuta 54,000 a maimakon 45,000. Wanda ya goge, bayan ya daidaita cajin da cek ɗin, zai ga saura bambancin 9,000, ya lura yana rabuwa da tara, ya tafi kai tsaye neman lambar da aka juya. Kafin ku fitar da sanarwar kuma, ku miƙa ta ga oditan da yake duba muku littafi a ƙarshen shekara, ku tambaye shi ko akwai aikin da yake yawan tarar ba a yi ba. Abin da ya ambata, ku ƙara shi a jerin ayyukan.