Ƙwallon Cikin Tanki: Hanyoyi Biyu na Sarrafa Ruwa

A gidaje da yawa akwai tankin roba a kan ƙarfe ko a bisa rufi, wanda ake tura wa ruwa daga rijiyar burtsatse ko daga famfon gwamnati. Cika shi ba wuya. Wuyar ita ce sanin lokacin da za a tsayar da ruwan. Hanyoyi biyu ake bi, kuma injiniyoyi sun ba kowace suna: buɗaɗɗen zagaye da rufaffen zagaye.

Mu ɗauki tanki mai cin lita 1000, da injin da ke tura lita 20 a minti ɗaya. In aka raba 1000 da 20, za a sami 50. Wato in tankin babu ko ɗigo, minti 50 za su cika shi. Sai maigida ya kafa doka: a kunna inji, a duba agogo, in minti 50 sun cika a kashe. Wannan shi ne buɗaɗɗen zagaye. Umarni yana fita daga hannun mutum zuwa inji, ruwa ya tafi tanki, amma babu labarin da ke dawowa daga tankin. Agogo lokaci yake ƙirgawa, bai san abin da ke cikin tanki ba.

Dokar za ta yi aiki muddin yau ta yi daidai da jiya. To, amma a ce jiya ba a yi wanki ba, lita 300 sun kwana a ciki. Abin da tankin ke buƙata yau lita 700 ne, aikin minti 35. Sauran minti 15 ɗin injin zai ci gaba da turawa, lita 300 su bi bango su malale a tsakar gida. Jarka 12 ke nan masu cin lita 25, ban da man janareto da aka ƙona a banza. Wata rana kuma wuta ta zo ba ƙarfi, ko ruwan rijiya ya ja baya da rani, injin ya koma tura lita 15 a minti. Bayan minti 50 lita 750 kawai suka shiga. Maigida ya kwanta da zaton tanki cike yake, alhali akwai giɓin lita 250. A duka ranakun biyu babu wanda ya karya doka. Dokar ce ba ta da ido.

Yanzu mu buɗe murfin tankin da aka sa wa bawul mai ƙwallo. A bakin bututun da ke kawo ruwa akwai ɗan makulli. Daga jikinsa wani hannu na tagulla ko na roba ya miƙo, a ƙarshen hannun kuma ƙwallo ne wanda ba komai a cikinsa sai iska. In ruwa ya yi ƙasa, ƙwallon yana sauka, hannun ya ja makullin ya buɗe, ruwa ya shigo. Ruwan da ya shigo shi ne zai ɗaga ƙwallon. Yayin da ƙwallon ke hawa, hannun yana tura wata 'yar roba zuwa bakin ƙofar ruwan, har ta toshe ta.

A lura da yadda abin ya zagayo. Bawul ne ke ƙara ruwa, ruwa ne ke motsa ƙwallo, ƙwallo ne ke motsa bawul. Sakamakon aikin ya dawo yana gyara aikin. Shi ya sa aka kira shi rufaffen zagaye. Ko lita 300 ne suka kwana, ko ruwan ya zo a hankali, ba ruwan ƙwallon da lissafi: tsayin ruwan da ke gabansa yake aunawa, ya gwada da iyakar da aka sa masa, ya buɗe ko ya rufe. Wanda ya taɓa saurara zai ji ƙarar ruwan tana raguwa kaɗan-kaɗan kafin ta ɗauke. Ba lalacewa ba ce. Gwargwadon yadda ruwa ya kusa iyaka, gwargwadon yadda ƙofar ke tsukewa, don haka cikon ƙarshe yakan ɗauki lokaci.

Ba ƙarfe ko roba ne ke rufe zagaye ba, dawowar labari ce. In aka sa yaro ya tsaya yana kallon bututun ambaliya, da ya ga ruwa ya kashe inji, shi ma rufaffen zagaye ne. Sai dai yaro yana iya shagala da wasa, kuma ba ya samun labari sai ruwa ya fara zuba.

Iyakar da ruwa zai tsaya mutum ne ke zaɓar ta. A wasu bawul ana juya ɗan noti, a masu hannun tagulla kuma ana lanƙwasa hannun a hankali. In aka yi ƙasa da ƙwallon, ruwa zai tsaya da wuri. Ya kamata ya tsaya kamar yatsu biyu ko uku a ƙasan bututun ambaliya.

Rufaffen zagaye yana da nasa ciwon: in mai kawo labari ya yi ƙarya, duk aikin ya ɓaci. Ƙwallo yakan tsage ya sha ruwa, ya yi nauyi, ya kasa hawa. Bawul sai ya zauna a buɗe kamar tankin bai cika ba, ruwa kuwa yana ta zuba. Wani lokaci ƙwallon lafiya lau, robar ce ta cinye, ko ƙwayar yashi ta maƙale a bakin ƙofar. Gane bambancin ba ya buƙatar mai gyaran famfo. A bar ruwa yana shiga, a ɗaga hannun sama da yatsa. In ruwan ya tsaya cak, makullin lafiya yake, sai a kwance ƙwallon a girgiza shi kusa da kunne. In an ji motsin ruwa, a sake sabo, in ba a ji ba, a gyara iyakar. In kuwa an ɗaga hannun amma ruwa bai daina ɗiga ba, a rufe ruwa daga waje, a kwance bawul, a wanke yashin, a canza robar.

Akwai kuskuren da ke cinye kuɗin mutane, kuma ina so mai karatu ya riƙe shi da kyau. Wannan bawul bututu yake rufewa, ba ya kashe inji. A kan ruwan famfon gwamnati ba matsala. Amma in injin gida ne ke turowa, tanki ya cika, bawul ya rufe, injin zai ci gaba da juyawa ba inda ruwa zai bi. Zai yi zafi, yana iya ƙonewa, mahaɗin bututu ma yana iya ɓallewa. Abin da ya dace da inji shi ne ƙwallo mai wayar lantarki, wanda ke yanke wutar injin in ruwa ya kai sama, ba ya sake kunna shi sai ruwan ya sauka sosai. An bar wannan tazarar da gangan, don kada injin ya riƙa tashi yana mutuwa duk lokacin da aka ɗebi bokiti ɗaya. Mai aikin lantarki ne ya kamata ya haɗa shi, saboda ruwa da wuta suna kusa da juna a wurin.

Abu na ƙarshe: ƙwallon tsayin ruwa kaɗai ya sani, bai san inda ruwan ke tafiya ba. In bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, zai yi ta cike gurbin ba tare da kowa ya farga ba, tanki kullum a cike. Don haka lokaci-lokaci a rufe bututun shigowa da dare, a rufe duk famfunan gida, a auna zurfin ruwan da sanda mai tsabta a yi mata alama. Da safe, kafin kowa ya ɗebi ruwa, a sake aunawa. In ruwan ya sauka, akwai yoyo a wani wuri, sai a bi bututun a nemo inda ƙasa ko bango ya jiƙe.