Darasin Sana'a: Saƙa Iri Uku da Yadda Ake Gane Su

Mutum yakan sayi yadi mai ƙyalli, ya ɗinka wandon zuwa gona, kafin wata guda ƙaya ta yi masa kaca-kaca. Sai ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Sau da yawa laifin ba na mai yadi ba ne. Irin saƙar ce ba ta dace da aikin ba.

Kowane yadi da aka saƙa yana da zare iri biyu. Akwai zaren tsaye, wanda masaƙa ke kira arshi. Shi ne ake miƙewa a tsawon yadi. Akwai kuma zaren kwance, wanda ƙoshiya ke ɗauka tana ratsawa da shi. Bambancin yadi da yadi yana zuwa ne daga abu ɗaya: zare nawa arshi yake tsallakewa kafin ya nutse ƙasa a ɗaure shi.

Saƙa ta farko: sama ɗaya, ƙasa ɗaya

A wannan saƙa, arshi yana hawa kan zare ɗaya, sannan ya shiga ƙarƙashin ɗaya. Haka zai yi ta yi har ƙarshe. Andira biyu sun isa a yi ta. Ita ce saƙar da masaƙan gargajiya suka fi yi. Akoko da alawayyo da atamfa duk irinta ne.

Da yake kowane zare a ɗaure yake ta ko'ina, yadin yana da tsauri. Zarensa ba ya zamewa, ƙaya ma ba ta samun wurin kamawa da sauƙi. Gabansa da bayansa saƙa iri ɗaya ce. Amma ba shi da ƙyalli sosai, domin fuskarsa cike take da ƙananan tudu da kwari masu warwatsa haske. Yana kuma saurin yamutsewa. In an tsaga bakinsa kaɗan aka ja, sai ya yage sumul, saboda zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai sayar da alawayyo kan ɗan sa almakashi, sannan ya ja da hannu.

Saƙa ta biyu: mai layi a karkace

A nan arshi yana tsallake zare biyu ko uku, sannan ya nutse. Arshin da ke kusa da shi yana yin haka, amma yana gusawa da zare ɗaya. Wannan gusawa ita ce ke fitar da layi a karkace a fuskar yadi. Ana bukatar andira uku ko fiye. Kakin ɗinka kayan aiki da yadin wandon jins su ne misali. A jins, arshi yana hawa kan zare uku, ya shiga ƙarƙashin ɗaya. Arshin ne aka rina shuɗi, zaren kwance kuwa fari ne. Don haka gaban wandon ya fi duhu, cikinsa ya fi haske.

Tun da ɗaurin ya ragu, ana iya matse zare da yawa a wuri kaɗan. Yadin sai ya yi kauri da nauyi, ya jure gugar aiki. Yana da wuyar yagewa, domin in an ja shi zaruruwan suna matsowa su haɗu, su ɗauki nauyin tare. Yana kwanciya a jiki fiye da na farko, kuma bai cika yamutsewa ba. Aibinsa shi ne yankakken bakinsa yana saurin warwarewa, sai tela ya kalmashe shi da kyau. Mai kauri daga cikinsa yana da zafi a lokacin bazara.

Saƙa ta uku: satin

A satin, arshi yana tsallake zare huɗu ko fiye kafin ya nutse sau ɗaya. Ana bukatar andira biyar aƙalla. Wuraren ɗaurin ana warwatsa su yadda ba za su taɓa juna ba, don kada layi ya fito. Fuskar yadin sai ta zama dogayen zaruruwa kwance gefe da gefe. Haske yana sauka a kansu ya dawo gaba ɗaya, kamar yadda yake yi a kan ruwa mai kwanciya. Daga nan ƙyallin yake. Bayan yadin kuwa dishi-dishi ne.

Satin ya fi sauran santsi da laushi, yana zubowa a jiki. Amma dogon zaren nan da ba a ɗaure ba shi ne rauninsa. Ƙaya ko ƙusa ko farce suna iya figo shi. Guga da dirza wajen wanki suna kashe ƙyallinsa.

Shadda tana amfani da wannan dabara. A wani wuri arshi ne ke sama, a wani wuri zaren kwance ne ke sama. Haske yana dukan su daban, shi ya sa zanen fure yake fitowa alhali launin ɗaya ne.

Gwaji da takarda

A yanka takarda siri-siri guda 10. A jera 5 a tsaye, a ba su lamba 1 zuwa 5. A ratsa sauran 5 ɗin a kwance. Takardar kwance ta farko ta hau kan lamba 1 kaɗai, ta bi ƙarƙashin sauran. Ta biyu ta hau kan lamba 3. Ta uku kan lamba 5. Ta huɗu kan lamba 2. Ta biyar kan lamba 4. Wannan ita ce saƙar satin. In da an bi 1, 2, 3, 4, 5 a jere, da layi a karkace ne zai fito.

Ga lissafin. In aka bi arshi ɗaya ya ratsa zare 20, a alawayyo zai nutse sau 10. A jins sau 5. A satin mai andira biyar sau 4. Duk lokacin da ɗauri ya ragu, ƙyalli da laushi suna ƙaruwa, amma zare yana ƙara zama a fili.

Abin lura a kasuwa

Saƙa ba ita kaɗai ce ke yanke hukunci ba. Zare mara kyau ba ya yin yadi mai ƙarko, ko da wace saƙa aka yi. Haka kuma ba kowane ƙyalli ne na saƙa ba. Akwai na sitaci, akwai na bugu, waɗannan suna raguwa bayan wanki. Zaren roba ma yana ƙyalli da kansa.

Mai saye ya juya yadin ya duba gaba da baya. Ya ɗaga shi ga rana. In haske yana ratsawa ta ramuka da yawa, saƙar ba ta matsu ba. Ya ɗan murza gefensa, in farin gari ya zubo, sitaci ne ya cike shi. Manomi mai neman wandon gona ya nemi mai layi a karkace. Rigar shan iska ta yau da kullum, sama ɗaya ƙasa ɗaya. Satin da shadda a ajiye su don salla da biki.

Tambayoyi

1. Andira nawa ake bukata don kowace saƙa?
2. Me ya sa cikin wandon jins ya fi gabansa haske?
3. Me ya sa satin bai dace da aikin gona ba?