Cajin salula ba tare da igiya ba

A Matamaye mutane sun saba cajin salula da igiya. Amma akwai wasu salula da ake ɗorawa kawai a kan wani ɗan faifai mai jone da wuta, batir ya riƙa cika. Ta ina wutar take bi?

A cikin faifan akwai wayar tagulla da aka naɗe kamar gammo. A bayan salular ma akwai irin wannan naɗi. Wutar da ke bin naɗin faifan tana kai da kawowa, fiye da sau dubu ɗari a daƙiƙa guda. Wannan kai da kawowa yana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai sauyawa. Ƙarfin yana ratsa roba da gilashi, ya tayar da wuta a naɗin salular. Sai salular ta daidaita wutar, ta mayar da ita mai bin hanya ɗaya, domin irinta kaɗai batir yake sha. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan hikima a 1831. Tsarin da galibin salula suke bi a yau sunansa Qi, ya fito a 2010.

Sai dai ba dukan wutar take isa batir ba. A misali, faifai ya sha wat 10. Wajen wat 7 ne za su shiga batir. Sauran 3 ba su ɓace ba, zafi suka zama: wani a cikin tagullar, wani a wurin juya wutar. A igiya kuwa ƙarfe yana taɓa ƙarfe, asara kaɗan ce.

Idan aka ɗora salular a karkace, naɗin biyu ba su fuskanci juna ba, asarar takan ƙaru. Haka ma idan rigar salular tana da kauri. Kamar mai zuba ruwa a tulu ne daga nesa, rabi a ciki, rabi a ƙasa.

Zafin nan yana kawo jinkiri. Batir ba ya son zafi, saboda haka in salular ta ji ya ɗumama sai ta rage wutar da take karɓa, ko ta tsaya. A bazarar Matamaye, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ba a daɗewa hakan take faruwa. Dama can galibin faifan wat 5 zuwa 15 suke bayarwa, alhali igiya da yawa suna ba da wat 25 ko fiye.

Kada a bar kwabon kuɗi ko makulli tsakanin faifai da salula. Ƙarfen yakan yi zafi sosai. Faifai mai kyau yakan gane, ya katse caji, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa.

Tambayoyi
1. Mene ne yake tayar da wuta a naɗin salula?
2. Faifai ya sha wat 10, batir ya samu 7. Ina sauran?
3. Don me caji yake yin jinkiri da bazara?