Daga Bakin Malam Zuwa Takarda

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa ɗalibai, idan mun zo gyara darasin da muka rubuta daga bakin malam, mukan tarar da irin wannan: "To, farillan alwala, wato farillanta, bakwai ne. Nawa na ce? Bakwai. Kun gane ko?" A takarda kalma huɗu sun isa: "Farillan alwala bakwai ne." Sauran don mai gyangyaɗi aka faɗe su.

"Ku wanke har nan" kuwa, malam nuni ya yi, mai karatu bai gani ba. Sai mu rubuta "har gwiwar hannu".

Amma fa a kula, wani maimaicin ba na gogewa ba ne. A darasin Ahalari malam kan ce "wanda ya manta gaɓa" sau biyu. Na farko ya tuna nan kusa, zai wanke ta da abin da ke bayanta. Na biyu sai da aka jima, ita kaɗai zai wanke, ya sake sallar da ya yi. In muka goge ɗaya, hukunci guda ya ɓata. Shi ya sa kafin gogewa mukan duba sharaɗin da ya biyo kowace jumla. Wallahu a'alam.