Tarar da ba laifinka ba: amsar wasiƙa daga Lokuwa

Wasiƙarmu ta gaba daga unguwar Lokuwa ta fito, nan cikin Mubi. Wani Alhaji mai fataucin shanu ne ya rubuto. Ya ce bankinsa na cirar naira 200,000 ran 5 ga kowane wata, kuɗin bashin da yake biya. Ran 4 ga wata ya turo kuɗin daga asusunsa na wani banki. An cire a can, amma ba su shiga nan ba sai ran 16, kuma aka ɗora masa tarar jinkiri ta naira 2,000. Yana tambaya: yaya zai roƙa a yafe masa?

To, Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Da farko, wannan ba maganar roƙo ba ce. Wanda ya yi laifi shi ke neman afuwa. Kai haƙƙinka kake nema, kuma hujja ce za ta karɓo maka shi.

Jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a 2020 ya ƙayyade tarar jinkiri a kan kashi 1 cikin 100 na abin da ba a biya ba, a kowane wata, bayan rangwamen kwana 7. Ka ga ke nan lissafinsu na 2,000 daidai ne. Abin da za ka ƙalubalanta shi ne wa ya jawo jinkirin.

Buɗe rasidin turawar a wayarka. Akwai doguwar lamba mai alƙaluma 30 da aka rubuta Session ID a gefenta. Da ita bankunan biyu za su gano rana da sa'ar da kuɗin suka tashi, da inda suka maƙale. Haɗa ta da takardar bayanin asusunka na kowane ɓangare.

Sannan ka rubuta wa manajan reshe takarda. Faɗi ranakun, faɗi adadin, ka nemi abu uku: a mayar da tarar, a soke kuɗin ruwan da ya hau saboda kwanakin nan, kuma a gyara sunanka idan an kai shi wurin masu tattara bayanan bashi a matsayin wanda ya makara. Na ukun nan ya fi 2,000 nauyi, don shi ke hana mutum bashi gobe. A buga maka hatimi a kwafinka, a ba ka lambar ƙorafi.

Idan suka nuna cewa kuɗin a bankin da ya tura suka maƙale, sai ka kai irin wannan takarda can, ka nemi su biya asarar. Mako biyu gare su. In ya wuce shiru, aika komai zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, a cpd@cbn.gov.ng, tare da lambar ƙorafin.

Amma Alhaji, kada ka dakatar da biyan wata mai zuwa don fushi, domin tarar da za ta biyo bayan haka kam taka ce. Sai wasiƙa ta gaba.